Kunne ɗaya ya mutu: ana ji, amma ba a san daga ina ba

Wata mata mai goyo ta zo asibitinmu da mijinta. Shi ne ya fara magana. Ya ce tun da ta tashi daga ciwon sanƙarau bara, halinta ya sāke. In ya kira ta daga zaure sai ta nufi bayan ɗaki. In mata sun taru a gidan suna, ta zauna shiru kamar baƙuwa, har kishiyarta ta ce girman kai ne. Ita kuwa ta ce da ni, "Baba, ina jin kiran sarai. Inda yake fitowa ne ban sani ba."

Na leƙa kunnuwanta da fitila. Babu dauɗa, babu mugunya, fatar ganga tana nan lafiya. Sai na tsaya a bayanta, na toshe kunnen hagu da yatsa ina murzawa, na yi raɗa ta wajen dama. Ta maimaita duk abin da na faɗa. Da na toshe na dama kuwa, ko da na ɗaga murya ba ta ji ba. Sanƙarau ya kashe kunnen hagu daga can ciki.

Mutane suna tsammani mai kunne ɗaya yana jin rabin magana ne. Ba haka ba ne. A ɗaki shiru, mutum biyu, yana ji kamar kowa, shi ya sa 'yan gida ba su yarda yana da ciwo. Wahalar tana wani wuri dabam.

In akuya ta yi kuka a damanku, kukan yakan riga isa kunnen dama kafin ya zagaya kai ya isa na hagu, kuma ya fi ƙarfi a dama. Ratar ba ta kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba, amma da ita ƙwaƙwalwa take gane wajen da akuyar take. In kunne ɗaya ya mutu, ba abin da za ta gwada da shi. Sai kowace murya ta zama kamar daga wajen kunnen mai kyau take zuwa, ko kuwa daga ko'ina. Kan mutum kuma yana tare magana kamar yadda katanga take tare iska. Wanda ya zauna a wajen mataccen kunnen, maganarsa takan iso a dushe, ana jin murya amma kalmomin ba su fita.

Haka nan a taro. Mai kunne biyu yana iya tsamo muryar mutum ɗaya cikin hayaniyar kasuwa ya bar sauran. Mai kunne ɗaya, muryoyin duka sukan zubo masa a cakuɗe. Yana ƙoƙarin rarrabewa har ya gaji, kansa ya yi ciwo. Abin da ya sa matar nan take shiru a gidan suna ke nan.

Na faɗa musu gaskiya, cewa kunnen da sanƙarau ya kashe ba ya dawowa da ɗigon magani ko allura. Haka yawanci wanda hangum ko ƙyanda suka kashe. Sa'an nan muka zauna muka bi yininta, daga safe har dare.

Muka fara da hanya, domin nan ne rai yake. Babur yana iya tahowa daga hagunta, ita kuwa ta waiga dama. Na ce kada ta ƙara tsallake hanya da kunne. Ta tsaya cik, ta duba hagu, ta duba dama, ta sāke duba hagu. A ƙasashenmu motoci suna bin hannun dama, saboda haka ta riƙa tafiya a gefen hagu na hanya, tana fuskantar abin da ke zuwa. Ita ta yi sa'a, domin a haka kunnenta mai kyau yana wajen titi. Wanda na damansa ne ya mutu, shi ma ya bi gefen hagu, sai dai ya san idonsa kaɗai ke tsaronsa.

Sai wurin zama. Tun da hagu ne ya mutu, ta zauna a ƙarshen tabarma ta yadda mutane duka suna damanta, bango ko fili yana hagunta. A majami'a ta zauna gaba, a layin hagu, domin mai wa'azi ya kasance ta damanta, nesa da masu ganga. Haka ɗan makaranta zai yi a aji, haka mai zuwa wa'azi a masallaci. Ta zo da wuri ta zaɓi wurinta. Ta kuma saba da cewa, "Yaya, dawo ta nan, wannan kunnen ba ya ji." Da wannan ne ta fi jin nauyi. Amma na ga waɗanda suka ɓoye, suna gyaɗa kai ga maganar da ba su ji ba, har suka amsa cinikin da ba su yi niyya ba.

Mijin ma na ba shi aikinsa. In ya kira ta ta ce "Kana ina?", kada ya ce "Ga ni nan", gama "nan" ba ta gaya mata kome. Ya ce "Ina bakin rijiya." In zai yi magana mai muhimmanci ya zo gabanta, ta ga bakinsa, ya kashe rediyo. Ihu ba ya taimako. Da dare kuma ta kwanta a kan mataccen kunnen, ta bar mai kyau a sama. Ta ce dā ma sau biyu jaririn yana kuka ba ta farka ba, ashe matashi ne ya rufe kunnen.

Akwai na'urar da ake sawa a mataccen kunne ta aika magana zuwa mai kyau. Tana taimako, amma tana da tsada, sai a manyan birane, kuma ba ta mayar wa mutum sanin inda murya take fitowa.

Kunnen da ya rage shi ne dukiyarta. Kada tsinke, ashana ko gashin kaza su shiga cikinsa, kada a ɗiga masa ruwan ganye. Kada ta daɗe kusa da injin niƙa. In za a yi mata allura ta faɗa wa ma'aikaci kunne ɗaya gare ta, domin wasu allurai, kamar jantamaisin, suna iya taɓa ji. In ya fara ciwo ko zubar da ruwa, ta zo ran nan.

Kada kuwa kowa ya karanta wannan ya yanke wa kansa cewa kunnensa ya mutu. Sau da yawa dauɗa ce ta toshe, mu cire, mutum ya tafi gida yana ji. Ku rufe baki ku yi "mmm". In kun fi jin muryarku a kunnen da ba ya ji, mai yiwuwa toshewa ce. In kun fi jinta a mai kyau, ciwon yana can ciki. In jin ya ɗauke farat ɗaya, kuka tashi da safe kunne ya yi ɗif, ku zo ran nan ko washegari. Akwai maganin da yakan dawo da ji ga waɗansu, amma a cikin mako 2 na farko ya fi aiki. In kuma jin yana raguwa a hankali a kunne ɗaya, tare da ƙara a ciki, ko jiri, ko karkacewar baki, za mu tura ku wurin likitan kunne.

Matar ta dawo awon jariri bayan wata biyu. Da na zauna a hagunta, sai ta kama hannun rigata ta nuna mini ɗaya kujerar.