Yadda malami ke rubuta bayanin cin zali a aji idan babu rauni a jiki

Idan ɗalibi ya fasa wa ɗan'uwansa baki a makaranta, ba a wahala wajen tabbatar da abin da ya faru, domin ga jini, ga shaidu, ga takardar asibiti. Amma idan abin da ake yi wa yaro shi ne a hana shi zama a benci, a ƙi saka shi cikin rukunin aiki, a riƙa jifansa da sunan da ba nasa ba, to babu tabon da za a nuna wa kowa. A irin wannan hali, takardar bayanin da malamin aji ya rubuta ita ce kusan shaidar da ta rage, kuma a kanta ne shugaban makaranta da kwamitin ladabtarwa da iyaye za su dogara.

Masanin halayyar ɗan Adam Dan Olweus, wanda ya fara nazarin wannan matsala a ƙasashen Sweden da Norway tun a shekarun 1970, ya bambanta cin zali da faɗan yara na yau da kullum da abubuwa uku: a yi shi da nufin cutarwa, a riƙa maimaita shi, kuma ya kasance ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ko na jiki, ko na baki, ko na yawan magoya baya. Hukumar UNESCO, a rahotonta na 2019, ta ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga abokan karatunsa aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci binciken. A Najeriya, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi kare mutuncin duk wanda bai kai shekara 18 ba, har daga cutarwar da ta shafi tunani da zuciya, kuma Jihar Filato ta amince da tata dokar a 2005. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan tsaro da kawar da tashin hankali a makarantu. Sai dai duk waɗannan ba sa fara aiki a kan yaro guda sai wani babba ya zauna ya rubuta abin da ya gani.

A ɗauki misali, ba na wata makaranta takamaimai ba, da aji biyu na ƙaramar sakandare a Jos Jarawa da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa. Wata ɗaliba ta shigo makarantar a farkon zango. Wata kuma, wadda ta daɗe a ajin kuma take da ƙawaye da dama, ta sa ta a gaba. Malamar aji ta lura, ta yi faɗa sau biyu, abin bai tsaya ba, sai ta yanke shawarar kai magana ofis a rubuce.

Yawancin malamai a nan sukan rubuta jimla ɗaya ko biyu, cewa wance fitinanniya ce, ba ta da tarbiyya, kullum tana takura wa sabuwar ɗaliba, a ɗauki mataki. Wannan takarda ba ta da amfani sosai, ko da kuwa gaskiya malamar ta faɗa. Da zarar mahaifin yarinyar da ake tuhuma ya zo ya ce, “Malama, yaushe ta yi, me kuma ta ce?”, sai magana ta koma jayayya tsakanin manya biyu, a manta da yaran. Kalmar “kullum” ba ta nuna rana ko ɗaya ba, kalmar “fitinanniya” kuwa hukunci ce da malamar ta yanke kafin a saurari kowa.

Takardar da za ta tsaya da ƙafarta tana farawa da sunan malamar, ajin, ranar da aka rubuta da wanda ake miƙa wa, sannan ta bi abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya bisa jerin kwanaki. Ga yadda sashe ɗaya zai iya kasancewa: “Ranar Litinin ta mako na uku, a darasi na biyu, na raba aji rukuni shida don aikin lissafi. Na sa sabuwar ɗalibar a rukuni na huɗu. Ina tsaye kusa da allo na ga ɗayar ta ɗora jakarta a gurbin da ya rage a benci, na kuma ji ta ce, ‘Ba ma zama da ’yar ƙauye.’ Ɗalibai uku suka yi dariya. Sabuwar ɗalibar ta koma bayan aji ta tsaya har na zo na zaunar da ita. Na umarci ɗayar ta ɗauke jakar, ta ɗauke, na gargaɗe ta bayan an tashi daga darasi.”

A wannan ɗan sashe akwai lokaci, akwai wurin da malamar take tsaye, akwai ainihin kalmomin da aka furta, da abin da aka yi wa yarinyar, da abin da malamar ta yi a kai. Wurin tsayuwar ba ƙaramin abu ba ne a ajin da ke da ɗalibai masu yawa, domin shi zai nuna ko mai yiwuwa ne ta ji maganar da kunnenta. Idan irin wannan sashe ya bayyana sau huɗu a cikin mako uku, da rana da darasi, to maimaituwar ta tabbata ba tare da an rubuta “kullum” ba. Idan kuma aka ga sunayen ƙawayen nan uku suna dawowa a kowane karo, to rinjayen ƙarfi ma ya fito fili.

Inda takardu da yawa ke lalacewa shi ne wajen cakuɗa abin da malami ya gani da abin da aka gaya masa. A ce ranar Alhamis, lokacin tara, an hana yarinyar shiga wasa a filin makaranta, alhali malamar tana ofishin malamai. Bai kamata ta rubuta shi kamar a gabanta aka yi ba. Sai ta ce monitar aji ce ta sanar da ita, da ƙarfe kaza, ga kuma abin da monitar ta faɗa. Haka nan abin da yarinyar da aka cuta ta faɗa, a rubuta shi da kalmominta, bayan an tambaye ta a keɓe da tambaya mai buɗaɗɗen baki irin “Me ya faru a lokacin tara?” Tambayar da ta riga ta ƙunshi amsa, kamar “Wance ce ta sake zagin ki, ko?”, tana rage darajar duk abin da yaro zai faɗa bayanta. Ita ma wadda ake tuhuma tana da haƙƙin a ji ta bakinta, ita kaɗai, a kuma rubuta amsarta ko da cewa ta yi wasa take yi. Haɗa su biyu a gaban aji don su yi bayani kuskure ne, domin wadda aka fi ƙarfi ba za ta buɗe baki a gaban waɗanda za ta koma zama da su ba.

Akwai batun harshe, wanda ya fi fitowa a gari irin Jos. Da Turanci ake rubuta takardun makaranta, amma zagin da yara ke yi wa juna sau da yawa da Hausa ne, ko da Turancin buroka, ko da wani daga cikin harsunan Filato. Malamin da ya fassara zagi kai tsaye yakan rage masa kaifi ko ya ƙara masa. Ya fi kyau ya rubuta kalmar yadda aka furta ta, a harshen da aka furta ta, sannan ya biyo da ma'anarta. Habaici ya fi wuya, tunda ba a ambaci suna ba: “wasu dai ko sabulu babu a gidansu” magana ce da mai ita zai iya musantawa. Nan sai malami ya rubuta wanda aka kalla lokacin da ake faɗa, da inda idon aji ya juya.

Idan zagin ya taɓa ƙabila ko addini, nauyin takardar ya ƙaru. Jos ta ga rikice-rikice a 2001 da 2008 da 2010, kuma azuzuwanta da dama na haɗa ’ya’yan Afizere da Birom da Anaguta da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa. Wasu malamai, don gudun tayar da ƙura, sukan rubuta cewa “ta faɗi maganar da ba ta dace ba” su wuce. Wannan yana hana shugaban makaranta sanin girman abin da ke gabansa, sai labarin ya isa gida ta bakin yara, da ƙari a kai. Daidai shi ne a rubuta kalmar yadda take, a miƙa takardar a ranar, kuma malami ya kame alƙalaminsa daga yin sharhi kan gidan da yarinyar ta fito ko abin da yake zaton ana koya mata a can. Bai ga wannan ba, bai kuma ji ba.

Sashen da ya shafi halin da wadda aka cuta ta shiga shi ma yana buƙatar irin wannan kamun kai. Malami ba likita ba ne, don haka ba nasa ba ne ya ce yarinya ta kamu da ciwon damuwa. Abin da zai iya shaida shi ne cewa rajista ta nuna ba ta zo ba kwana uku a cikin mako biyu, cewa ta daina ɗaga hannu a darasi, cewa sau biyu ya tarar da ita ita kaɗai a aji lokacin tara. Idan kuwa yaro ya furta wata magana ta cutar da kansa, ba a jiran kammala takarda: nan take ake sanar da shugaban makaranta da iyaye.

Ana rubuta bayanin kowane abu a ranar da ya faru, tun kalmomin ba su gushe daga ƙwaƙwalwa ba, a sa hannu da kwanan wata. Idan daga baya aka tuna wani abu, sai a ƙara shi a ƙasa da sabon kwanan wata, ba a goge na farko ba. Takardar ta shugaban makaranta ce ko mataimakinsa da malamin ba da shawara, inda akwai shi. Ba a ɗaukar hotonta a tura zauren WhatsApp na iyaye ko na malamai, domin duka yaran biyu ƙanana ne kuma sunayensu na ciki. A watan Afrilun 2024, bidiyon cin zalin wata ɗaliba a makarantar Lead British International School da ke Abuja ya bazu a kafafen sada zumunta, har aka rufe makarantar na kwana uku, kuma fuskokin yaran suka zagaya ƙasa ta yadda ba mai iya janye su.

Takardar tana da iyakarta. Ba ita ke yanke hukunci ba, kuma ba ta ganin abin da ke faruwa a hanyar gida ko a waya da dare. Haka kuma kiran iyaye da gargaɗi a ofis kan sa zagin fili ya tsaya, amma wariyar ta koma ta shiru, wadda ta fi wuyar kamawa: ba a ce mata komai, ba a kuma zama kusa da ita. Shi ya sa ya dace ƙarshen takardar ya ɗauki ranar da za a sake duba lamarin, misali bayan mako biyu, da sunan malamin da zai duba, da abin da zai lura da shi, wato wurin zaman yarinyar a aji, da waɗanda take aikin rukuni da su, da abin da rajista ta nuna game da zuwanta makaranta.