Auna Kuɗin Kirifto da Ma'aunin Bitkoyin: Yadda Ake Gane Wanda Ke Gaba

Mutum zai sayi Itiriyom, farashinsa ya ninka sau uku a dala, ya yi ta murna, alhali da Bitkoyin ya riƙe da ribarsa ta fi haka. Abin da ya faru ke nan tsakanin Nuwamba 2022 da Maris 2024. Itiriyom ya tashi daga wajen dala 1,200 zuwa kusan 4,000, shi kuwa Bitkoyin daga wajen dala 16,000 ya haura 70,000, wato ya ninka fiye da sau huɗu. Jadawalin dala ba zai nuna maka wannan giɓin ba, balle na naira, wanda faɗuwar darajarta tun 2023 ta sa kusan komai ya yi kamar yana hauhawa.

Shi ya sa ƙwararrun 'yan kasuwa suke auna kowane kuɗin kirifto da Bitkoyin. Lissafin ba wuya: a raba farashin kuɗin da farashin Bitkoyin. A Nuwamba 2022 Itiriyom ɗaya yana sayen kusan 0.07 na Bitkoyin. A Maris 2024 ya koma wajen 0.055. Layin ya sauka, ma'ana Itiriyom yana baya a tseren duk da ribar dalar da ya kawo. Dalilin yin wannan awo shi ne ƙananan kuɗaɗen sun fi Bitkoyin haɗari, don haka wanda bai iya wuce shi a riba ba, bai biya ka ladan kasadar da ka ɗauka ba.

Dubi Solana a daidai wannan lokaci. Bayan rugujewar kasuwar FTX, farashinsa ya faɗi zuwa wajen dala 10 a ƙarshen 2022, kusan 0.0006 na Bitkoyin. Zuwa Maris 2024 ya kai wajen dala 200, kusan 0.003. Ya ninka kusan sau biyar a ma'aunin Bitkoyin kansa. Wannan shi ake kira jagora. Ba sai a ƙarshe aka gane ba: tun cikin watannin ƙarshe na 2023 layinsa yake hawa, na Itiriyom yana gangarowa.

Ga yadda ake dubawa. A manhajar TradingView ka rubuta ETHBTC ko SOLBTC. Idan kuɗin ba shi da irin wannan jadawali, ka rubuta rabon da kanka, kamar SOLUSD/BTCUSD. Ka fara da kyandir na mako-mako, domin na awa-awa hayaniya ce ta fi yawa a ciki. Abin nema shi ne tsani: duk lokacin da layin ya ja baya, ya tsaya a sama da inda ya tsaya a baya, sannan ya wuce tsohon ƙololuwarsa. Sai ka koma na kullum, ka ɗora layin matsakaicin farashi na kwana 200, ka ga ko kuɗin yana samansa kuma layin kansa yana kallon sama. Ka yi wa kuɗaɗe goma ko goma sha biyar haka daga rana guda, ka jera su. Biyu ko uku na sama su ne suka cancanci ƙarin bincike. A ganina, lokacin da ya fi tona asiri shi ne makon da Bitkoyin ya faɗi: kuɗin da layinsa bai karye ba a irin wannan mako, akwai masu sayensa da gaske.

Amma fa ƙarfi a gaban Bitkoyin ba riba ba ce. A ce Bitkoyin ya faɗi da kashi 30 cikin ɗari, naka ya faɗi da kashi 15. Jadawalin zai nuna hawan kusan kashi 21, alhali aljihunka ya ragu. Don haka a duba jadawali biyu tare: na Bitkoyin ya nuna wanda za a zaɓa, na dala ya nuna ko lokacin saye ya yi.

Akwai kuma tarkon ƙananan kuɗaɗe. Bitkoyin ɗaya satoshi miliyan 100 ne, kuma kuɗin da ake sayarwa satoshi 20, motsin satoshi ɗaya kawai kashi 5 ne. Idan cinikin da ake yi kaɗan ne, mutum ɗaya mai jari zai iya zana tsanin ƙarya, saboda haka a tabbata yawan ciniki yana ƙaruwa tare da hawan. Jagoranci ma yana ƙarewa. Itiriyom ya kai wajen 0.15 a Yunin 2017, ya faɗi ƙasa da 0.02 a Afrilun 2025. Da zarar layin mako-mako ya rufe a ƙasa da matakin tsanin da ya gabata, dalilin da ya sa ka zaɓi kuɗin ya gushe, sai a sake jera su daga farko.