Dalilin Da Ya Sa Fanke Ke Shan Mai Ko Ya Ƙi Nuna

Idan fanke ya fito sharkaf da mai, ko kika gutsura kika tarar da ɗanyen ƙulli a ciki, yawanci laifin zafin mai ne. In man bai yi zafi ba, bayan fanken ba ya saurin ƙamewa, sai ya yi ta tsotsar mai. In kuma ya cika zafi, bayan ya ƙone alhali cikin bai nuna ba.

Ki fara jefa ɗan ƙulli kaɗan. In ya nutse ya kwanta, man bai kai ba. In ya taso cikin 'yan daƙiƙoƙi yana kumfa, to ya yi. Kada ki cika kaskon, domin yawan ƙulli yana sanyaya mai. Kowane curi kada ya wuce girman ƙwan kaza.