Yadda Excel ke bambanta wanda ya faɗi, na kan gaɓa da zakara a takardar maki

A ƙarshen kowane zango, malamin da ke riƙe da aji mai ɗalibai 45 yakan zauna da takardar maki yana bin ta da jan biro. Haka ma jami'in da aka ɗora wa tattara sakamakon jarrabawar ƙarin girma a ma'aikata. Manhajar Excel tana iya ɗauke wannan aiki ta hanyar abin da ake kira Conditional Formatting, wato a gindaya wa gurbi sharaɗi, idan adadin da ke cikinsa ya cika sharaɗin sai ya sauya launi da kansa. Kafa shi ba ya cin minti biyar. Inda gizo ke saƙa shi ne kan iyakoki, domin a nan ne ɗalibin da ya ci yake fitowa da launin faɗuwa, wanda bai zauna jarrabawa ba kuma ya fito da launin zakaru.

Misalin da za a bi shi ne takardar Lissafi ta aji biyu na babbar sakandare. Sunaye suna layin A, gwaji biyu suna B da C, jarrabawa tana D, jimilla kuma tana E, daga E2 zuwa E46. Makarantar tana bin matakan da aka saba da su na WAEC: ƙasa da 40 faɗuwa ce, wato F9, daga 40 zuwa 49 an tsallake amma babu kiredit, wato E8 da D7, daga 75 zuwa sama kuma A1. Rukunin tsakiyar ne ya fi cancantar ido, domin kiredit daga 50 yake farawa, kuma jami'o'in Najeriya suna neman kiredit biyar, galibi har da Turanci da Lissafi. Yaron da ke da 47 maki uku kacal ya rage masa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi E2 zuwa E46, a shiga Home, a danna Conditional Formatting, sannan Highlight Cells Rules. A ƙarƙashin Less Than a rubuta 40 a zaɓi ja. A sake komawa a ɗauki Between, a rubuta 40 da 49, a zaɓi rawaya. Daga ƙarshe a ɗauki Greater Than don kore. Nan take takardar za ta yi kyau, kuma mafi yawan mutane a nan suke rufe kwamfuta. Bai kamata ba.

Kuskure na farko yana cikin kore. Greater Than yana nufin abin da ya zarce adadin, ban da adadin kansa. Idan aka rubuta 75, ɗalibar da ta samu 75 cif za ta zauna babu launi alhali A1 gare ta. Na biyu yana cikin rawaya. Between yana haɗawa da 40 da 49 duka, amma idan malami yana ba da rabin maki, mai 49.5 ya wuce 49 bai kuma kai 50 ba, sai ya sulale ta tsakani, ga shi kuwa shi ne ya fi kowa kusa da kiredit.

Sauran kurakuran biyu sun fi muni. Excel yana ɗaukar gurbin da ba a rubuta komai a cikinsa ba a matsayin sifili, saboda haka ɗalibin da ba a riga an shigar da makinsa ba zai yi ja tamkar ya faɗi. Rubutu kuma, a wajen kwatantawa, Excel yana ɗora shi sama da kowane adadi. Idan aka rubuta ABS a gurbin wanda bai halarci jarrabawa ba, gurbin zai yi kore. Haka zai faru da adadin da ya shigo a matsayin rubutu, kamar yadda ake yawan samu idan an kwafo maki daga wata manhaja: 38 na iya fitowa kore shar. Ana gane irin wannan adadi da cewa yakan jingina ta hagun gurbi maimakon dama, sau da yawa da ɗan ƙaramin alamar kore a kusurwarsa.

Maganin duka huɗun ɗaya ne: a rubuta sharaɗin da hannu. A fara share tsofaffin ta Clear Rules. Sannan a zaɓi A2 zuwa E46, ana farawa daga A2, a danna New Rule, a ɗauki Use a formula to determine which cells to format. Za a yi haka sau uku, kowane sharaɗi da launinsa, ja, rawaya, sannan kore:

```
=AND(ISNUMBER($E2),$E2<40)
=AND(ISNUMBER($E2),$E2>=40,$E2<50)
=AND(ISNUMBER($E2),$E2>=75)
```

ISNUMBER shi ne mai gadin ƙofa: duk gurbin da ba adadi ne a cikinsa ba, ko fanko ko rubutu, ba zai samu launi ba. Alamar `>=` ta shigar da mai 75, `<50` kuma ta kamo mai 49.5. Alamar dala da ke gaban E ita ce ke sa jeren ɗalibi gaba ɗaya, har da sunansa, ya bi jimillarsa. A nan ana bukatar lura, domin idan aka danna gurbin da linzami maimakon a rubuta shi, Excel zai saka `$E$2`, da dala biyu. Ma'anar haka ita ce a auna kowa da makin ɗalibin farko. Alamar wannan kuskure ba ta ɓuya: ajin gaba ɗaya zai ɗauki launi guda, ko kuma ya rasa launi baki ɗaya.

Akwai wani abin da kan jawo gardama tsakanin malami da iyaye. Gurbi zai iya nuna 40 amma ya yi ja. Dalili shi ne ainihin abin da ke ciki 39.6 ne, an ɓoye abin da ke bayan ɗigo ne kawai, sharaɗin kuma ainihin adadin yake dubawa. Ko 39.6 ci ne ko faɗuwa, hukuncin makaranta ne, ba na kwamfuta ba. Idan makaranta ta amince a cike gurbin, sai a gyara jimillar kanta da `=ROUND(SUM(B2:D2),0)`, yadda abin da ido ke gani zai zama shi ne ake aunawa.

Game da zakaru, Excel yana da Top 10 Items a ƙarƙashin Top/Bottom Rules, inda ake iya mayar da 10 zuwa 3. Wannan yana zaɓar na gaba a cikin ajin ne komai ƙanƙantar makinsu, don haka a aji mai rauni mai 58 zai iya zama kore. Ya dace da ranar rabon kyaututtuka, amma ba ya nuna wanda ya kai A1.

Kafin a miƙa takardar ga shugaban makaranta, a gwada ta. A kwafi takardar, a maye gurbin jimillar ɗalibai bakwai na farko da 39, 40, 49.5, 50, 74, 75 da ABS, a bar na takwas fanko. Ya kamata a ga ja ɗaya, rawaya biyu, kore ɗaya, sauran huɗun babu launi. Idan kuma da injin baƙi da fari za a buga, ja da kore kan fito toka-toka iri ɗaya, don haka a cikin Format na sharaɗin ja a ƙara zaɓar Bold, domin sunayen waɗanda suka faɗi su fito da kauri a kan takarda.