Wasiƙa ga aminiyata da ta daina jin daɗin sallah

Wata ƙawata da muka yi Islamiyya tare tun muna 'yan mata ta turo min saƙon murya da ƙarfe biyu na dare, ina bakin aiki a ɗakin masu jego. Shekara goma sha biyu tana azumin Litinin da Alhamis, ba ta barin tsayuwar dare. Ta ce yanzu idan ta ta da kabbara ji take kamar da bango take magana, har ta fara tambayar kanta ko akwai mai jin ta. Ga amsar da na rubuta mata. Ta yarda in kawo ta nan ba tare da sunanta ba, domin na san a cikinku akwai masu irin wannan ciwon da ba su taɓa faɗa wa kowa ba.

Assalamu alaikum, aminiyata.

Na saurari saƙonki sau uku. Abin da ya fi tsaya min shi ne inda kika ce kina tsoron kin fita daga Musulunci ba ki sani ba. To bari in fara da wannan.

Tunanin da ke faɗo miki ba sabon abu ba ne. Imam Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun je wurin Annabi (SAW) suka ce suna jin wani abu a zukatansu da ya fi ƙarfin su furta shi. Bai kore su ba, bai ce su sake kalmar shahada ba. Ya shaida musu cewa wannan shi ne tsantsar imani. Malamai sun bayyana cewa nauyin da suka ji da ƙyamar tunanin su ne alamar imanin. Ki dubi kanki. Wadda imani ya fita daga zuciyarta ba ta tashi tsakar dare tana kuka a kan rashinsa. Kukan nan naki shaida ne a gare ki.

Amma ki rarrabe abu biyu. Akwai wasiwasi, wanda ke zuwa ba sallama, yana maimaita kansa, kuma duk amsar da kika ba shi sai ya dawo ta wata ƙofa. Shi ba a yin gardama da shi. Ki nemi tsarin Allah, ki ci gaba da abin da kike yi. Akwai kuma tambaya ta gaskiya, irin wadda kika yi min: me ya sa Umma ta sha wahalar jinya wata bakwai ta rasu, bayan duk addu'ar da kika yi? Wannan ba a binne ta. Ki rubuta ta a takarda, ki kai wa malama ko malamin da kika san yana sauraro kafin ya yi hukunci. Idan na farko ya ce miki kawai ki yi istigfari ki daina tunani, ki nemi wani.

Yanzu bari in yi miki magana a matsayina na nas. Yarinyarki watanta takwas, kina shayarwa, Umma ba ta cika shekara da rasuwa ba, kuma kin ce barcinki bai wuce awa huɗu ba. Ina so ki amsa min tambaya guda tsakaninki da Allah: sallah ce kaɗai ta daina yi miki daɗi, ko komai ne? Idan har yanzu kina dariya da wasan yara, kina jin daɗin abinci, kina ɗokin zuwa gidan suna, to bushewar ta tsaya a ibada, kuma irin wannan tana zuwa ta wuce. Idan kuwa abinci ya zama kamar ƙasa a bakinki, yara sun zama kaya, kina farkawa kafin asuba barci ya ƙi dawowa, kina ganin ba ki da amfani, kuma kin yi mako biyu ko fiye a haka kusan kullum, to wannan alamun ciwon damuwa ne. Ciwon nan yana ɗauke ɗanɗanon komai. Mace mai ibada a sallah take fara lura da shi, domin nan ne ta saba samun daɗi, sai ta ɗauka imaninta ne ya tafi.

Don haka ki je asibiti, ki faɗa wa likita yadda kika faɗa min. Ki nemi a auna yawan jininki, domin ƙarancin jini bayan haihuwa yana kawo kasala da mutuwar jiki. Ki nemi a duba aikin ƙwayar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, don takan rikice a shekarar farko bayan haihuwa, ta jawo gajiya da baƙin ciki. Idan ciwon damuwa ne, akwai magani ta hanyar zama da ƙwararre, akwai kuma ƙwayoyin da mai shayarwa za ta iya sha bisa umarnin likita. Sukan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kada ki yar da su a kwana biyar. Kuma idan har ya taɓa zo miki cewa gara ki mutu, ko ki cutar da kanki ko jaririyar, kada ki jira gari ya waye. Ki ta da Baban yara, ki kira ni, mu tafi asibiti a daren.

Na san za ki ce ya za a haɗa maganar imani da ta likita. Ki tuna Imam Gazali, mai Ihya'u. A shekarar 1095 yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗaruruwa a gabansa, sai harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ma ya ƙi shiga. Likitoci suka duba shi suka ce abin daga zuciya yake. Shi da kansa ya ba da labarin, har da lokacin da ya yi kusan wata biyu yana shakkar duk abin da ya sani. Bayan wannan ne ya rubuta Ihya'u ɗin da ake karantawa a zaurukanmu. Zuciya da jiki tare suke ciwo, tare ake jinyarsu.

Abu na ƙarshe zai yi miki nauyi: ki rage. Kin ce da kika ji bushewar sai kika ƙara raka'o'i da azumi don ki tilasta wa zuciyar ta dawo. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya shiga masallaci ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Aka ce ta Zainab ce, idan ta gaji da tsayuwa sai ta riƙe ta. Ya ce a kwance ta, mutum ya yi sallah lokacin da yake da kuzari, idan ya gaji ya zauna. Ke ma ki kwance igiyarki. Ki riƙe salloli biyar a kan lokaci ko da ba ki jin komai, domin ba a sanya jin daɗi a sharuɗɗan ingancin sallah ba. Ki ƙara abu ɗaya ƙarami da ba zai gagare ki ba, ko wutiri raka'a ɗaya, ko aya biyar da fassararsu bayan asuba. Azumin nafila ki ajiye shi har ki yaye. Awa biyun da kike tsayuwa ki ba wa barci, da niyyar samun ƙarfin farilla.

Idan addu'a ta ƙi fitowa, ki faɗa wa Allah hakan da Hausa, a sujada ko kina wanke-wanke: ba na jin komai, ka taimake ni. Ita ma addu'a ce.

Ba zan ce miki ranar kaza za ki warke ba. Amma Laraba ba ni da aiki. Ki bar manyan wurin Yaya, ki goyo ƙaramar, zan zo da ƙarfe takwas mu je a auna jinin, mu dawo mu yi hira.

Ki gaida yara. Allah ya jiƙan Umma, ya sanyaya miki zuciya.

Taki har kullum.