Lissafin Layi a Bakin Ƙofa

A ƙaddara ɗalibai 600 za su shiga zauren taro cikin minti 30, watau mutum 20 ke isowa ƙofa kowane minti. In sa hannu a takarda yana cin daƙiƙa 20, tebur ɗaya mutum 3 kacal zai sallama a minti, sai an jera tebur 7 kafin layi ya daina tsawo.

Tambarin QR, wanda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙago a 1994, ya fi sauri. In haska shi da waya na cin daƙiƙa 5, masu tsaron ƙofa 2 sun wadatar. Amma fa gilashin waya kan tsage, caji kan ƙare. Mutum ɗaya da tambarinsa ya ƙi karantuwa tsawon minti guda, ya tsare mutum 12 a bayansa.

Don haka a ware wa irinsu tebur a gefe, inda za a nemi sunansu a kwamfuta. Nan ma a yi hattara: Muhammad, Muhammadu da Mohammed duk mutum ɗaya ne, ga kuma masu suna Aisha Abubakar barkatai. Gara a tambayi lambar rajista.