Agogo Ma Yana Ba Da Maki: Yadda Ake Raba Lokaci a Jarrabawar Gwaji ta Akanta

Duk malamin da ya daɗe yana duba takardun jarrabawar akanta ya san wata irin takarda. Amsar tambaya ta farko tsaf take, an ja layuka da rula, an jera alƙaluma kamar a littafi. Ta biyu ma ba laifi. Daga ta uku rubutu ya fara karkacewa, ta huɗu rabinta kawai aka yi, ta biyar kuwa lambarta aka rubuta a saman shafi aka bar sauran fari fat. Mai irin wannan takarda ya yi karatu, lokaci ne ya ƙwace masa. Wannan ne ya sa kafin kowace jarrabawar gwaji nake rubuta wa ɗalibaina 'yar takardar jan hankali kan rabon lokaci, kuma abin da ke cikinta zai amfani duk mai shirin zama akanta, ko mai ɗa ko ƙani da ke wannan karatu.

Gwajin da nake shiryawa ya bi tsarin da aka saba gani a matakin tsakiya na jarrabawar ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Nijeriya da doka ta kafa a 1965. Maki 100 ne, kuma sai da 50 ake haye wa. Akwai minti 15 na karanta tambayoyi, sannan awa uku na rubutu. Sashe na farko tambaya ɗaya ce ta dole mai maki 30. A sashe na biyu ana zaɓen biyu cikin uku, kowace maki 20. A na uku ma biyu cikin uku, kowace maki 15. Hukumomin jarrabawa kan sauya tsari lokaci zuwa lokaci, don haka umarnin da ke shafin farko na takardarka shi ne abin bi, amma hanyar lissafin ba ta sauyawa.

Awa uku minti 180 ne. Idan aka raba su ga maki 100, kowane maki ya tashi a kan minti 1.8. Ni nakan ce wa ɗalibai su fara cire minti 10 su ajiye domin dubawar ƙarshe, sai ya rage 170, wato minti 1.7 ga kowane maki. Ke nan tambaya mai maki 30 ta sami minti 51, mai maki 20 ta sami 34, mai maki 15 kuma 25 da rabi.

Sanin waɗannan alƙaluma a ka bai isa ba, domin a tsakiyar aiki babu mai natsuwar ƙirga minti nawa ya ci. Abin yi shi ne a mayar da su lokacin agogo. A ce an fara karatu ƙarfe 9:00, rubutu kuma 9:15. Tambayar dole za ta ƙare 10:06, ta biyu 10:40, ta uku 11:14, ta huɗu 11:40, ta biyar 12:05, dubawa kuma ta kai ka 12:15. Da zarar an ba da izinin rubutu, ka rubuta lokacin tashi kusa da lambar kowace tambaya. Daga nan kallo ɗaya ga agogon bango ya isa ya gaya maka ko kana kan hanya.

Minti 15 na karatu ba na hutawa ba ne, kuma ba na fara warware tambayar dole a zuci ba ne, tunda ita babu zaɓi a kanta. Lokaci ne na yanke shawarar wadda za ka bari a sashe na biyu da na uku. Ka fara karanta abin da aka ce ka yi, wanda galibi yake ƙarshen tambaya, kafin dogon labarin kamfanin da ke samanta. Sau da yawa ɗalibi kan ga batun da yake so ya ruga ya zaɓa, sai ya yi nisa ya tarar rabin makin yana kan wani ɓangare da bai iya ba. Wanda ya sauya tambaya bayan minti goma ya yi asarar kusan maki shida na lokaci.

Tambayar dole ita ce babban tarko, don haka bari mu buɗe cikinta. Yawanci akan ba ka tirayal balans, wato jerin ragowar kowane asusu na kamfani a ƙarshen shekara, da wasu bayanan gyara shida ko bakwai a ƙasa, a ce ka fitar da bayanin riba da asara da kuma bayanin kadarori da basussuka. Ga yadda nake raba minti 51 ɗin. Minti biyar na karanta bayanan gyara da sa alama a kan asusun da kowanne ya shafa. Minti shida na zana ƙwarangwal ɗin bayanan biyu, kowanne a shafinsa, da sunan kamfani da kwanan wata da kanun layuka, ba tare da alƙaluma ba. Minti takwas na kwashe duk alƙaluman da babu gyaran da ya taɓa su, kamar kuɗin da ke banki ko jarin masu hannun jari, zuwa gurabensu. Waɗannan maki ne masu araha, kuma wanda ya bar su sai ƙarshe yakan rasa su. Sai minti 24 na gyare-gyare, sannan takwas na tara jimla.

A wajen gyara, ƙa'idar ita ce ka gama ɗaya ka kai shi gurabensa biyu kafin ka taɓa na gaba. Misali, kamfani yana da injina na naira miliyan 12, an ce a rage darajarsu da kashi 10 cikin 100 na kuɗin saye a kowace shekara. Ragin ya zama naira miliyan 1.2. Nan take ka sa shi cikin kuɗaɗen da aka kashe a bayanin riba da asara, ka kuma cire shi daga darajar injinan a bayanin kadarori. Idan wani gyara ya cije maka, kada ka ba shi fiye da minti huɗu. Ka rubuta hanyar da ka bi, ka sa adadin da ka samu ko da kana shakkarsa, ka wuce. Masu duba takardun akanta suna ba da maki a kan kowane mataki, kuma kuskure ɗaya ba a hukunta shi sau biyu: in ka ɗauki adadinka da ba daidai ba ka yi aiki da shi ta hanyar da ta dace, makin hanyar naka ne. Amma sai mai dubawa ya ga aikin a rubuce, abin da ya tsaya a cikin kalkuleta ba ya kawo komai.

Sai babbar jarraba: ka tara jimla, ɓangarorin biyu na bayanin kadarori sun ƙi daidaita. A nan ne ɗalibai suke ƙona rabin awa, alhali daidaituwar kanta ba ta da wani makin kirki, makin yana kan layukan da suka haɗu suka ba da ita. Minti uku kawai na yarda a kashe, a kan gwaji uku. Na farko, ka duba ko bambancin ya yi daidai da wani adadi da ka sani. In ya zama miliyan 1.2, ka sa ragin darajar injina a wuri ɗaya ka manta ɗayan. Na biyu, ka raba bambancin biyu. In naira 240,000 ne, nemi 120,000, wataƙila kuɗin haya ne da aka biya tun kafin lokaci, ka sa shi cikin basussuka maimakon kadarori. Na uku, ka raba shi da tara. In ya rabu ba saura, kamar 27,000, mai yiwuwa ka juya lambobi ne, ka rubuta 36,000 a madadin 63,000. In ukun ba su nuna komai ba, ka bar shi haka, ka buɗe sabon shafi.

Domin a ga abin da taurin kai yake jawowa, mu ƙaddara wata ɗaliba da ta ƙi tashi daga tambayar dole sai da ta ci minti 85. Da ta tsaya a minti 51 tana da maki 18. Ƙarin minti 34 ɗin ya kai ta 21. Ta ba ta biyu minti 38 ta sami 12, ta uku minti 37 ta sami 11, ta huɗu minti 20 ta sami 4, ta biyar ba ta taɓa ba. Jimla 48, ta faɗi. Da ta bi agogo, za ta iya tashi da 18 da 11 da 10 da 8 da 8, wato 55. Iliminta bai ƙaru ba ko kaɗan. Bambancin shi ne makin farko na kowace tambaya ya fi na ƙarshenta sauƙin samu, don haka minti 34 da suka sayo mata maki uku a tambayar da ta riga ta tatse, da sun sayo mata takwas a wadda ba ta fara ba. Kuma wanda ya bar tambaya mai maki 15 yana neman 50 ne cikin 85, ba cikin 100 ba.

Ɓangarorin bayani da baki su ma suna da nasu ma'auni. Idan an ce ka bayyana wani abu a kan maki biyar, rabonsa minti takwas da rabi ne, kuma abin da ake nema hujjoji biyar ne mabambanta, kowace a jimla ɗaya ko biyu. Shafi biyu a kan hujja ɗaya ba zai wuce makinta ba. Masu son lissafi kuma su daina tsallake waɗannan ɓangarori, domin sau da yawa sun fi lissafin saurin kawo maki.

Amfanin gwaji yana fitowa ne bayan an ajiye biro. Ina roƙon ɗalibai su rubuta a gefen takarda ainihin lokacin da suka fara da wanda suka bar kowace tambaya. Idan an dawo da sakamako, sai su raba mintunan da suka kashe da makin da suka samu. Tambayar da ta ci lokaci mai yawa ta ba da maki kaɗan tana nuna batun da ke buƙatar komawa littafi. Wadda aka yi da kyau amma lokaci ya yanke ta tana nuna saurin hannu ne ya gaza, maganinsa kuwa maimaita zana ƙwarangwal ɗin bayanai har ya zauna a hannu.

Ɗalibaina, da ma duk mai shirin irin wannan jarrabawa: ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna wa gwajin a zama ɗaya, awa uku da kwata cur, waya a kashe, littafi a rufe, agogo a gabanku. Idan lokacin tambaya ya cika, ku bar mata fili a shafi ku tashi, ko da kuna tsakiyar lissafi. In minti goman ƙarshe sun ba da dama, kwa dawo mata. Allah Ya ba da sa'a.